Jimla ta yi daidai, amma kuɗin Inna ya ragu da rabi

Akwai wata ƙungiyar gama-kai a cikin garin Gombe, ta 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, wadda ta kusa watsewa saboda layi ɗaya a cikin teburin lissafi. Ba zan kama sunan kowa ba. Zan ba da labarin ne saboda na gaji da jin ma'ajin ƙungiya ya miƙe a taro ya ce "jimlarmu ta yi daidai da ta banki," kowa ya yi hamdala a tashi. A ganina wannan maganar ta fi kowace magana sa mambobi barci.

Mutum 42 ne a ƙungiyar a farkon shekara. Kowa yana zuba abin da ya ɗaukar wa kansa duk wata, yawancinsu naira 5,000, a raba a watan Disamba, lokacin da 'yan hatsi ke neman jari don sayen masara da wake a Tudun Hatsi. Magatakardansu yaro ne mai natsuwa, shi ya kawo shawarar a bar tsohon littafin rajista a koma Excel. Ya jera sunaye bisa tsarin haruffa, daga layi na 2 zuwa na 43, domin layi na 1 na kanun tebur ne. Jerin A lambar ƙirga ce kawai, 1, 2, 3. Jerin B suna. Daga C zuwa N watanni goma sha biyu, O kuma jimlar kowane mutum. Jimlar kowa da kowa tana can gefe guda:

```
=SUM(O2:O100)
```

A watan Yuli wani mai gyaran babur ya shigo. Bisa harafin sunansa, wurinsa layi na 19 ne. Magatakarda ya danna akwatin B19 da maɓallin dama, ya zaɓi Insert. A nan Excel yakan tambaye ka yadda kake so. Abin da ya kamata ya zaɓa shi ne Entire row, wato a buɗe sabon layi daga farko har ƙarshe. Sai ya bar shi a kan Shift cells down ya danna OK. Sunaye 25, daga layi na 19 zuwa na 43, kowanne ya sauka da taki ɗaya, kuɗi kuwa suka tsaya inda suke. Ya rubuta sunan sabon mamba a gurbin da ya buɗe, ya ƙara lamba 43 a ƙasa, ya ja lissafin jimla zuwa sabon layin, ya rufe kwamfuta ya tafi masallaci.

Daga ranar, kuɗin Janairu zuwa Yuni na kowa a cikin mutanen nan ya koma hannun wanda sunansa ke samansa. Daga Yuli zuwa gaba kuwa komai daidai yake shiga, domin yaron suna yake dubawa kafin ya rubuta.

Za ku ce ta yaya aka yi wata biyar ba wanda ya gani? Wannan shi ne wurin da ya fi ba ni sha'awa. Idan ni ina zuba 5,000, wanda ke ƙasana ma 5,000 yake zubawa, aka ba ni layinsa, ba abin da ya canja. Mutum ashirin da 'yan kai haka suka gaji kuɗin juna ba ragi ba ƙari. Sannan magatakarda ya san akwai sabon mamba guda, saboda haka idan idonsa ya wuce ta kan layi ɗaya mai wata shida babu komai a ciki, ransa zai ce masa ai na sabon ne. Bai tsaya ya karanta sunan da ke kan layin ba. Ma'aji kuma duk ƙarshen wata yana kwatanta jimla da takardar banki, kuma ko kwabo ba ya ɓata, tunda ba a cire komai ba, ba a ƙara komai ba. Kamar ka shiga sito ka ƙirga buhu ɗari cif, alhali an sauya sunayen da ke jikin buhunan.

Ranar rabo aka fara kira daga sama, lafiya lau har layi na 18. Sabon mamba ba a tsaya a kansa ba saboda akwai bashi a wuyansa, zan zo kan wannan. Aka kira wani Alhaji ɗan hatsi, wanda yake zuba 20,000 duk wata. Magatakarda ya ce 150,000.

Alhaji ya ce, "Sake dubawa, yaro. Ashirin sau goma sha biyu nawa ne?"

"Ranka ya daɗe, abin da kwamfuta ta nuna ke nan."

"Kwamfuta ce ta karɓi kuɗina ko kai?"

Shugaba ya ba shi haƙuri, ya ce a gama da sauran a dawo kansa. Da aka kai sunan ƙarshe, wata dattijuwa mai waina da kowa ke kira Inna, sai aka ce 30,000, wai ba ta zuba komai ba daga Janairu zuwa Yuni. Inna ba ta iya karatun boko ba, amma ta kwance bakin zaninta ta fito da rasit a ɗaure cikin leda. Ta ce, "Ɗana, ni ba wata da ya wuce ni. Ko ranar da na kwanta ciwo jikata na aiko." Daga nan wurin ya rikice. Wani ya ce dama ya ga yaron da sabuwar waya. Wani ya ce a kira 'yan sanda. Sun manta cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle wannan da bai zama ba.

Wani malamin makaranta a cikin mambobi ne ya ce a zauna. Bai san Excel sosai ba, takarda da biro ya nema. Ya rubuta abin da rasit ya nuna a gefe, abin da tebur ya nuna a gefe. Alhaji ya kamata ya samu 240,000, an rubuta masa 150,000, ya rasa 90,000. Inna ya kamata ta samu 60,000, ta rasa 30,000. An haɗa, 120,000. Sai ya ce a karanta masa layin mai gyaran babur. Mutumin da ya shigo a Yuli yana zuba 5,000, wanda bai wuce ya tara 30,000 ba, an rubuta masa 150,000, kuma ga 20,000 a ƙarƙashin Janairu, watan da ko labarin ƙungiyar bai ji ba. Rarar da ke kansa 120,000 ce, daidai da abin da mutum biyun suka rasa. Akwai ma wani ƙaramin saɓani: wani tela ya tsallake watan Afrilu, amma gurbin ya koma kan matar da sunanta ke samansa, ita ta ragu da 5,000, shi ya ƙaru da 5,000.

Wannan ita ce alamar da nake so duk mai duba littafin ƙungiya ya riƙe. Idan kuɗi ya fita da gaske, abin da aka rasa ba ya bayyana a kan layin wani, kuma jimla ba za ta haɗu da rasit ba. Idan layi ne ya goce, ragi da ƙari suna cinye juna su koma sifili, kuskuren yana farawa daga layi ɗaya ya gangara ƙasa, na sama da shi duk suna lafiya, kuma sunan farko ko na ƙarshe ne yake tashi da gurbi. Ban ce wannan kaɗai ya wanke mutum ba, domin maci amana yana iya tura kuɗi kan layin abokinsa da gangan. Amma wanda ya yi niyyar sata ba zai taɓa kuɗin Alhajin da ya fi kowa sanin lissafinsa ba, kuma ba zai rubuta wa mutum zubi a watan da bai shigo ba.

Gyaran tebur bai ɗauki lokaci ba, an mayar da kuɗin wata shidan kowa gaban sunansa, aka bi rasit ɗaya bayan ɗaya. Inda gizo ke saƙa shi ne bashi. Dokar ƙungiyar ita ce mamba yana iya rantar ninki biyu na ajiyarsa. A watan Nuwamba mai gyaran babur ya nemi rance, tebur ya nuna yana da 145,000, aka ba shi 200,000 ya sayi kayan gyara. Ajiyarsa ta gaskiya a lokacin 25,000 ce, iyakarsa 50,000. Ya ce shi ya roƙa ne kawai, da aka ba shi sai ya ɗauka karamci ne. Allah ne masani. Ni dai ban ga yadda mutum uku za su sa hannu a kan rancen 200,000 ga wanda ya zo jiya ba tare da ɗayansu ya ce a kawo rasit ba. Shugaba ya sa hannu, ma'aji ya sa hannu, amma ranar taro yaron kaɗai aka tsayar a tsakiya.

Laifinsa yana nan, ban cire masa ba. Wanda ya taɓa tsarin teburin kuɗin jama'a ya kamata ya duba layin sama da na ƙasa kafin ya adana, da ya yi hakan da Ctrl+Z kaɗai ta ishe shi. Amma tsarin da suka zauna a kai ne ya bar kuskuren minti ɗaya ya kwana wata biyar. Jera mambobi bisa haruffa kwalliya ce mai tsada. A ba kowa lamba tasa ta dindindin, wadda take kan rasit ɗinsa, sabo kuma ya tafi ƙasa. Da Alhaji ya san shi ne lamba 18, da ranar farko da aka kira 18 da sunan wani zai ɗaga hannu. Wanda yake son ya riƙa jerawa da tacewa, ya mayar da bayanan tebur na gaske da Ctrl+T, a nan idan ka ce a saka layi, layin gaba ɗaya ake sakawa.

Abin da ya fi wannan duka, kuma ba ya bukatar wuta ko caji, shi ne a riƙa karanta ajiyar kowa da babbar murya a taron wata, mai ita yana riƙe da katinsa. Mutum 43, ko rabin awa ba za a yi ba. Na san wasu manya ba sa son a ji abin da suka tara, to a miƙa musu a rubuce su sa hannu. Da an yi haka, tun taron Agusta Inna za ta ji an ce mata 10,000 a maimakon 40,000, kuma da rancen Nuwamba bai fita ba.

Hukuncin da suka yanke shi ne mai gyaran babur ya biya a cikin wata goma, 20,000 duk wata, tare da masu tsaya masa biyu. Wannan na yarda da shi. Sai kuma suka ce a ajiye kwamfuta a koma littafi, kuma a nan muka rabu. Littafin rajista mai faɗi, wanda suna yake shafin hagu watannin ƙarshen shekara suna shafin dama, shi ma ido yana gocewa a kansa, musamman ranar da ake kwafe ragowar kuɗi zuwa sabon littafi a watan Janairu. Tsallake layi ɗaya a wurin kwafewa yana haifar da irin wannan rikici sak, jimla kuma ta fito daidai. Yaron suka bar wa aikin kwafewar, shi kaɗai, kuma har yanzu ba su buga katin ajiya ba.