Ku karanta layin, ku bar hukuncin da na'ura ta buga a saman takarda

Akwai wata ɗabi'a da take neman zama ruwan dare a ɗakunan gwajinmu, kuma ina ganin lokaci ya yi da za a yi maganarta a fili. Ana ciro takardar ECG, wato zanen lantarkin zuciya, daga na'ura, ido ya zarce kai tsaye zuwa saman takarda inda aka buga "Normal ECG" ko "Abnormal ECG", shi ke nan an gama karatu. Mara lafiya ya koma gida da fargabar ciwon zuciya, ko kuma da kwanciyar hankalin da bai dace ba. Ra'ayina shi ne, duk ma'aikacin lafiyar da zai riƙe wannan takarda, nas ne ko ɗalibin likitanci ko mai gwaji, wajibi ne ya iya bin bugu guda ɗaya daga tudun farko da ake kira P zuwa na ƙarshe da ake kira T, ya faɗi abin da kowane tudu yake nufi, kafin ya ɗaga kai ya dubi rubutun na'ura. Wanda bai san kamannin lafiyayyen layi ba, ba zai taɓa gane mara lafiya ba.

Abu na farko da ya kamata ya zauna a ƙwaƙwalwa: ECG lantarkin zuciya yake zanawa, ba matsewar tsoka ko gudun jini ba. Lantarki ne yake wucewa tukuna, sannan tsoka ta amsa ta matse. Shi ya sa ake iya samun layi mai kyau a zuciyar da ba ta turo jini yadda ya kamata.

Kafin a taɓa P, a duba sikelin takardar. Yawanci za a ga an buga 25 mm/s da 10 mm/mV a ƙasa ko a gefe. Ma'anarsa, ƙaramin gida ɗaya, wato milimita 1, daidai yake da sakan 0.04, babban gida mai ƙanana biyar kuma sakan 0.2 ne. A tsaye kuwa, ƙananan gidaje goma su ne milibolt 1. Idan wani ya taɓa saitin ya koma 50 mm/s, komai zai faɗaɗa ninki biyu, bugun 80 ya yi kama da 40, lafiyayyen QRS, wato dogon tsinin da ke bin bayan P, ya yi kama da mai faɗi. Idan an mayar da tsayin 5 mm/mV, duk tuddan za su gajarce da rabi. Duba wannan ba ya cin sakan biyu, amma duk lissafin da zai biyo baya a kansa ya dogara.

Yanzu P. Bugun zuciya yana farawa ne daga wani ɗan ƙulli na ƙwayoyin halitta da ake kira SA, a can saman ɗakin sama na dama. Daga nan lantarki yake bazuwa cikin ɗakunan sama biyu, na dama da farko, na hagu ya biyo. Wannan bazuwar ita ce P. Tsokar ɗakunan sama siririya ce, don haka tudun ƙarami ne mai santsi: faɗinsa bai kai ƙananan gidaje uku ba, tsayinsa bai wuce milimita 2.5 ba a lid na II. Lid shi ne kusurwar da na'ura take kallon zuciya daga gare ta, kowanne da sunansa, kamar I, II, aVR da V1. Lantarkin yana gangarowa ne daga sama dama zuwa ƙasa hagu, kuma ƙa'idar ECG gaba ɗaya ita ce, idan lantarki ya nufo wajen da lid yake kallo, layi ya hau sama, idan ya ba shi baya, layi ya yi ƙasa. Saboda haka lafiyayyen P yana tsaye a I da II, yana kife a aVR. A V1 ana yawan ganinsa rabi sama rabi ƙasa, kuma ba laifi ba ne.

Nan ne nake so a ɗan daɗe, domin wannan ƙa'ida ita ce take kama kuskuren da ya fi yawa a aikin. Idan aka ga P da QRS da T duk sun kife a lid na I, aVR kuma ya miƙe tsaye, kada a yi gaggawar kiran sunan cuta. Mafi yawan lokuta wayar hannun dama ce aka maƙala a hagu, ta hagu a dama. Yadda ake tantancewa shi ne a dubi lid ɗin ƙirji, wato V1 zuwa V6. Idan R, wato tsinin QRS da ya hau sama, yana ƙaruwa yadda aka saba daga V1 zuwa V5, to wayoyi ne suka sauya wuri, a gyara a sake ɗauka. Idan kuwa R yana ta raguwa har V6, sai a yi tunanin mutumin da aka haifa da zuciya a ɓangaren dama, abin da ba kasafai ake gani ba. Haka nan V1 da V2: wurinsu shi ne gurbi na huɗu tsakanin haƙarƙari, dama da hagu na ƙashin tsakiyar ƙirji. Ana yawan ɗaga su sama zuwa gurbi na biyu, musamman ga mata, saboda kunya ko sauri. Sakamakon shi ne P ya kife gaba ɗaya a V1, wani lokaci har V2, QRS ya fito da ɗan ƙarin tsini na biyu, na'ura kuma ta buga abin da babu shi.

Bayan P layi yakan kwanta kaɗan. Lantarki ya iso ƙullin AV, wanda yake riƙe shi na ɗan lokaci don ɗakunan sama su gama juye jini cikin na ƙasa. Ana auna tazarar PR daga farkon P zuwa farkon QRS, ba zuwa tsinin R ba, kuma daidai ɗinta ƙananan gidaje uku zuwa biyar ne, sakan 0.12 zuwa 0.20.

QRS shi ne bazuwar lantarki cikin ɗakunan ƙasa. Ya fi P tsayi nesa ba kusa ba, saboda tsokar ƙasa, musamman ta hagu, ta fi kauri. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, duk da girman tsokar, QRS siriri ne, ƙasa da ƙananan gidaje uku. Dalili kuwa, lantarki ba ya ratsa ta ƙwaya bayan ƙwaya. Yana da hanyarsa ta musamman, daga damin His zuwa reshen dama da na hagu, zuwa zaruruwan Purkinje, kamar babban titi da motar da ta hau shi take isa gari kafin wadda ta bi lungu. Don haka faɗin QRS labari yake bayarwa: idan ya kai sakan 0.12 ko ya wuce, ko dai wani reshe ya toshe, ko bugun daga ɗakin ƙasa ya taso, ko wani abu kamar yawan fotashiyam ko magani yana rage gudun lantarkin.

Sunayen haruffan suna da ƙa'ida mai sauƙi. Duk saukar da ta fara zuwa kafin a hau, ita ce Q. Hawa na farko R ne. Saukar da ta biyo bayan R ita ce S. Ba dole ne a ga duka ukun a kowane lid ba, kuma ko biyu aka gani sunansa QRS. Ɗan ƙaramin Q siriri a I da aVL da V5 da V6 lafiya ne, alamar katangar tsakiya ce da take karɓar lantarki daga hagu zuwa dama. Q ɗin da ake tsoro shi ne mai faɗin gida ɗaya cikakke ko mai zurfin da ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na R ɗin da ke bayansa, kuma a samu hakan a lid biyu maƙwabta. Haruffan kansu Willem Einthoven na ƙasar Holan ne ya sa su, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 1924 kan wannan aiki.

T kuma shi ne komawar ɗakunan ƙasa ga cajinsu na hutawa, shirin bugu na gaba. Mutane da yawa suna cewa T shi ne sakin tsoka. A'a, lantarki ne shi ma, sakin yana biyo baya. Ɗakunan sama su ma suna yin wannan komawar, sai dai tasu ƙarama ce, kuma takan ɓuya a cikin tazarar PR da QRS. Tambayar da ɗalibi mai kaifin hankali yakan yi ita ce: tun da komawa kishiyar bazuwa ce, me ya sa T bai kife ba? Amsar ita ce juyi biyu ne suka haɗu. Cajin ya juya, hanyar ma ta juya. Bazuwa daga cikin bangon zuciya take fita waje, komawa kuwa daga waje take farawa ta shigo ciki. Shi ya sa a lafiyayyar zuciya T yakan bi inda QRS ya fuskanta. Siffarsa ma abin lura ce: yana hawa a hankali, ya sauka da ɗan sauri. T dogo siriri mai tsini da gefe biyu iri ɗaya, musamman ga mai ciwon ƙoda, yana sa a nemi gwajin fotashiyam nan take, ba gobe ba.

T kifaffe a aVR dole ne. A V1 da III ma ana ganinsa ga masu lafiya. Ga yara, kifewarsa daga V1 zuwa V3 al'ada ce, kuma wasu manya, musamman matasan mata baƙar fata, sukan ci gaba da wannan siffa. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin na'ura takan buga masa "Abnormal ECG". Amma kada wannan ya zama mafaka: T kifaffe a V5 da V6, ko a I da II, ba a yi masa wannan uzuri.

Mu ɗauki misali. Budurwa 'yar shekara 24 ta zo gwajin ɗaukar aiki, ba ta da wani ƙorafi. Sikeli 25 mm/s da 10 mm/mV. Tsakanin R da R manyan gidaje huɗu ne, kuma tazarar ba ta sauyawa sosai. Tun da manyan gidaje 300 ne a minti ɗaya, a raba 300 da 4, bugu 75 a minti. Kowane QRS yana da P a gabansa, tsaye a II, kife a aVR, faɗinsa ƙananan gidaje biyu. PR gida huɗu, sakan 0.16. QRS gida biyu, sakan 0.08, R yana ƙaruwa har ya rinjayi S a V4. Layin ST, wanda ke tsakanin ƙarshen QRS da farkon T, yana kwance daidai da layin tushe. Daga farkon QRS zuwa ƙarshen T gida tara ne, sakan 0.36, ƙasa da rabin tazarar R zuwa R mai gida ashirin, kuma wannan awon rabin yana aiki ne kawai idan bugun yana tsakanin 60 da 100. T ya ɗan kife a V1 da V2, ya miƙe daga V3 zuwa V6. Na'ura ta ce ba daidai ba. Mai karatu ya duba inda aka maƙala V1 da V2, ya tabbatar suna gurbi na huɗu, ya rubuta cewa bugun daga SA yake, komai yana cikin iyaka, ya miƙa wa likita ya sa hannu.

Da wannan takardar ta fito daga ƙirjin dattijo mai shekara 60, mai hawan jini da ciwon suga, yana gumi yana dafe da ƙirji, to karatun bai ƙare ba. ECG na yau da kullum kusan sakan goma kawai yake ɗauka, kuma na farko yana iya fitowa da kyau alhali jijiyar zuciya tana kan toshewa. Irin wannan ba a sallamarsa. Ana sake ɗauka bayan minti 15 zuwa 30 muddin ciwon bai lafa ba, a jera takardun a kwatanta ST da T lid bayan lid, a kuma tura jini gwajin turofonin, sinadarin da ke fita cikin jini idan tsokar zuciya ta ji rauni.