Kwana uku kuɗina na rataye, walat ɗin kuma ba ta da maɓallin ƙara caji

Wallahi har yanzu raina bai huce ba. Kwana uku cur na yi ina buɗe waya ina rufewa, abu ɗaya nake gani a gaban kuɗin Bitcoin da na tura: Unconfirmed, wato ba a tabbatar ba. Kuɗi sun bar hannuna, ba su isa hannun mai su ba, shi kuma yana can yana ganin kamar wasa nake masa da hankali. Mutumin da muka shekara muna hulɗa ba a taɓa jin kanmu ba, sai ga shi yana rubuto min, "Malam, in babu kuɗin ka faɗa min gaskiya mana." Maganar nan ta ƙona ni fiye da jiran kansa.

Ga yadda abin ya faru. Na tura masa Bitcoin 0.012. Walat ɗin da nake amfani da ita ta nuna min zaɓi uku na caji, na ɗauki na ƙasa, domin a gefensa an rubuta cewa zai shiga cikin 'yan sa'o'i. Ba ta nuna min wani adadi ba, ba ta gargaɗe ni da komai ba. Sai da abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa na kwafi txid, wato lambar turawar, na saka a shafin mempool.space, na ga ainihin abin da ta yi da sunana: girman turawar 141 vB, wato ma'aunin wurin da take ci, caji 5 sat/vB, wato satoshi biyar a kan kowane vB, jimla satoshi 705, satoshi kuwa shi ne ɓangare mafi ƙanƙanta na Bitcoin. A wannan lokacin waɗanda ke shiga bulo na gaba, wato rukunin turawar da za a tabbatar, suna biyan sama da 40 sat/vB.

Wanda bai san harkar ba zai ce to mene ne, layi ne, a jira zai zo kanka. Ai da layi ne irin wanda muka sani da ban yi ƙorafi ba. Turawar da ba a tabbatar ba tana zama a wurin jira da ake kira mempul. Kusan duk minti goma masu haƙa, wato masu na'urorin da ke tabbatar da turawa, ke fitar da bulo ɗaya, kuma bulon ba ya ɗaukar fiye da kimanin vB miliyan ɗaya. Mai haƙa ba ruwansa da wanda ya riga zuwa, ba ruwansa da yawan kuɗin da ka tura. Abin da yake dubawa shi ne satoshi nawa ka biya a kan kowane vB, ya kwashi masu tsoka daga sama har bulo ya cika. Wanda ya zo yanzun nan da 40 zai tsallake ni da na kwana uku a kan 5, gobe ma wani ya zo ya tsallake ni. Muddin sababbin masu biya da yawa na ci gaba da shigowa, ni ba na matsawa ko taku ɗaya.

Ban zargi masu haƙa ba, kasuwa suke yi, kuma dokar kasuwar a fili take. Waɗanda nake jin haushi su ne masu walat ɗin nan. Sun san caji na iya ninkuwa cikin awa guda. Sun san akwai magani, an daɗe da samar da shi. Amma suka ba ni hanyar shiga rami, ba su ajiye tsani ba. Na duba ko'ina a cikin manhajar, babu wurin ƙara caji. Na rubuta wa masu kula da abokan hulɗarsu, bayan kwana guda suka amsa da cewa in yi haƙuri, cunkoso ne, kuɗina na nan lafiya. Na san suna nan lafiya! Tambayata ita ce yaya zan yi su isa?

Maganin farko sunansa RBF. Ma'anarsa ka sake rubuta turawar da kuɗin nan dai da ka kashe a ta farko, zuwa ga mutumin nan dai, amma da caji mafi tsoka. Tunda kuɗi ɗaya ba ya kashuwa sau biyu, ɗaya ce kawai za ta shiga bulo, kuma mai haƙa zai ɗauki wadda ta fi biyansa. Ƙarin yakan fito ne daga canjin da zai dawo maka. A lissafina, in na kai cajin 45 sat/vB, 141 sau 45 ya ba da satoshi 6,345. Wato ƙarin 5,640 a kan abin da na riga na sa. Shi ke nan abin da ya tsaya tsakanina da mutuncina, kuma a shirye nake in biya tun daren farko. A da sai turawar farko ta ɗauki alamar cewa ana iya maye gurbinta, bisa ƙa'idar BIP 125. Amma tun fitowar Bitcoin Core 28.0 a 2024, wato babbar manhajar na'urorin da ke watsa turawa, na'urorin da ke kan saitinta na asali suna karɓar mayewa ko babu alamar. Hanya a buɗe take, walat ɗina ce kawai ta ƙi sa ƙofa.

Magani na biyu shi ne CPFP, wato ɗa ya biya wa uwa. Duk wanda ke da rabo a cikin turawar da ta maƙale, ko mai karɓa ko mai canji, yana iya kashe rabon nasa a sabuwar turawa mai caji sosai. Mai haƙa ba zai iya ɗaukar ɗan ya bar uwar ba, don haka sai ya haɗa su ya duba ko sun biya shi tare. Sai dai wannan ya fi tsada, domin wurin turawa biyu kake saya. Ƙaramar turawa mai shiga ɗaya da fita ɗaya tana kai wa kimanin 110 vB. Haɗa da 141 ya zama 251, sau 45 ya ba da 11,295. Cire 705 da uwar ta riga ta biya, ɗan zai ɗauki 10,590 shi kaɗai. Kusan ninki biyu na abin da RBF zai ci.

Duk da haka na ce a yi. Na kira mutumin na ce ya yi daga ɓangarensa, ni zan biya. Ashe adireshin da ya ba ni na asusunsa ne a wata kasuwar musayar kirifto. Makullin adireshin ba a hannunsa yake ba, yana hannun kamfanin, kuma su ba sa rubuta maka ko satoshi ɗaya sai turawa ta tabbata. To ni fa, da canjina? Walat ɗin ta nuna canjin a dushe, ta ce ba a taɓa shi sai ya tabbata. Ƙofa biyu, duka ta kulle. Wane irin aiki ne wannan?

Ana cikin haka, da na yi tambaya a fili, sai ga saƙonni a asirce. Wannan ya ce shi ma'aikacin tallafi ne, wancan ya ce yana da injin hanzarta turawa, in ba shi kalmomin sirrina goma sha biyu, waɗanda su ne makullin walat ɗina, ya gyara min cikin minti biyar. Ɓarayi ne, babu wani suna da ya dace da su. Hanzartawa ta gaskiya, irin wadda ake biyan masu haƙa kai tsaye, txid kawai take buƙata, kuma txid ba sirri ba ne. Amma ku duba wanda ya tura mutane bakin waɗannan kuraye. Mutum na cikin ruɗu, mai kuɗi na kiransa, manhajarsa ta ce ya yi haƙuri. Nawa ne za su miƙa kalmomin?

Wani kuma, da kyakkyawar niyya, ya ce in bar ta kawai, bayan mako biyu za ta faɗi kuɗin su dawo, in yaso in sake biya yanzu daga wani wurin. Rabin maganarsa gaskiya ce. Saitin asali na Bitcoin Core yana jefar da turawa bayan awa 336, kwana 14 ke nan, kuma in mempul na na'ura ya cika megabait 300 tana zubar da masu ƙaramin caji tun kafin lokacin. Amma jefarwa ba sokewa ba ce. Turawar na ɗauke da sa hannuna, duk wanda ke da kwafinta yana iya sake watsa ta, kuma ranar da cunkoso ya lafa tana iya shiga bulo. Da na biya shi da wasu kuɗin dabam, da wata rana na farka na tarar na biya sau biyu. Abin da ke kashe tsohuwar turawa har abada shi ne a kashe kuɗin nan da ta ɗauka a wata turawar, ita kuma ta tabbata.

A rana ta uku na yi abin da ban so yi ba. Na ɗauko takardar da na rubuta kalmomina, na sauke wata walat mai suna Electrum daga shafinsu na asali a kwamfuta, na duba adireshin shafin harafi bayan harafi, sannan na shigar da kalmomin. Sai da na buɗe Options na zaɓi BIP39 seed kafin ta karɓe su, na kuma zaɓi native segwit domin adireshina da bc1q suke farawa. In ka kuskure wannan zaɓin, walat za ta buɗe fayau babu ko sisi, gabanka ya faɗi a banza. Hannuna na rawa nake bugawa, domin na san duk kwamfutar da kalmomin nan suka shiga, in akwai ƙwayar cuta a cikinta, an gama da ni. Turawar ta bayyana a tarihi. Na danna ta da maɓallin dama, ga Increase fee. Na sa 45, na tabbatar adadin mai karɓa bai ragu ba, daga canjina aka cire, na sa hannu na watsa. Bulo biyu aka fitar, a na biyun ta shiga. Ƙasa da rabin awa, bayan kwana uku.

Ko a nan ma sai da aka sake tayar min da hankali. Mayewa na canza txid, shi kuwa mutumin tsohuwar lambar yake ta dubawa. Da ya ga an rubuta Replaced sai ya kira ni murya na rawa, ya ɗauka na janye kuɗin ne. Na tura masa sabuwar lambar, ya ga tabbaci ɗaya, ya yi shiru, can ya ce, "Ka yafe ni, Malam." Na ce babu komai, kuma har zuciyata ban riƙe shi ba. Wanda ya ga kuɗinsa a rataye kwana uku yana da hakkin ya yi zargi.

Masu walat ɗin ne ban yafe wa ba. Abu uku kawai nake nema a wurinsu, kuma babu mai wuya a ciki: su nuna min cajin a sat/vB kafin in danna, su sa maɓallin ƙara caji, su bar ni in taɓa canjina. A daren na buɗe sabuwar walat da sababbin kalmomi, tunda tsofaffin sun riga sun taɓa kwamfuta, na kwashe abin da ya rage zuwa can. Wannan ma wani cajin ne na biya. Saƙona na biyu zuwa ga masu tallafin nasu, wanda na tambaye su dalilin rashin maɓallin, yau kwana shida ke nan babu amsa.