Riga Ake Gyarawa, Ba Mai Rigar Ba

A sana'ar gyaran hoto ma'auni ɗaya nake bi: duk abin da tela zai iya kamewa da allura, ko dutsen guga ya kwantar da shi kafin a ɗauki hoton, ina gyara shi hankalina kwance. Abin kuwa da ba zai sauya ba sai da horon ciki na watanni ko wuƙar likita, ba na taɓa shi.

Kwanakin baya wata baiwar Allah ta kawo mini hotonta sanye da doguwar riga, iska ta kumbura yadin a gefen ƙugunta, har ta fito da faɗin da ba nata ba. Na buɗe Liquify, wato kayan aikin turawa da lanƙwasa sassan hoto a Photoshop, na fara rufe hannunta da ƙyauren da ke bayanta da Freeze Mask Tool domin kada su motsa, sannan na ɗauki Forward Warp Tool da burushin da ya fi kumburin faɗi, na rage ƙarfinsa, na riƙa tura yadin kaɗan-kaɗan, saboda ƙaramin burushi yakan bar gefen riga da lotsa-lotsa. Ba da ka na yanke inda zan tsaya ba. Na ajiye wani hoton nata na wannan ranar, wanda rigar ta kwanta a jikinta, kuma da layin yadin ya iso inda ƙugunta yake a wancan hoton sai na ɗaga hannu.

Da ta gani ta ce in ɗan ƙara matsewa, tunda na riga na fara. A nan ne na ba ta haƙuri, domin daga wannan layin babu sauran yadi, sai tsoka da ƙashi. Hoton ma da kansa yakan tona asiri: zanen yadi ya tsuke a wuri ɗaya, maɓallai su bar jerinsu, ratar da ke tsakanin hannu da ƙugu ta buɗe fiye da kima, inuwa kuma ta ƙi bin jikin.

Ba ni kaɗai nake ganin wannan iyakar ba. Tun watan Oktoba na 2017 dokar Faransa ta wajabta rubuta "Photographie retouchée", wato hoton da aka gyara, a kan hoton talla da aka rage ko aka ƙara jikin mai tallar, kuma a watan ne kamfanin sayar da hotuna na Getty Images ya daina karɓar irin waɗannan hotuna na kasuwanci. Surar jiki suka kafa wa ƙa'ida, ba tattarar riga ba.

Amma gaskiya ba doka ce ta fi damuna ba. Abin da ke taɓa mini zuciya shi ne, wannan hoton za ta rataye a ɗakinta, kullum ta dube shi ta dubi madubi, 'yarta ma ta tashi tana auna kanta da ƙugun da mahaifiyarta ba ta taɓa mallaka ba.