Allurar oksitosin: daga masana'anta zuwa ɗakin haihuwa, a ina ƙarfinta yake zubewa?

Duk ungozomar da ta daɗe a ɗakin haihuwa ta san wannan yanayin. Jariri ya faɗo, an yi wa uwa allurar oksitosin kwalba ɗaya a cinya, an jira, an taɓa mara, mahaifa tana nan taɓas-taɓas kamar ba a yi komai ba, jini kuma yana ta zuba. Sai a fasa kwalba ta biyu, wani lokaci har ta uku. A wurare da yawa abin ya zama al'ada, har sabbin ma'aikata suna ɗauka haka tsarin yake. Ba haka yake ba. Domin rigakafin zubar jini bayan haihuwa, kwalba ɗaya mai ɗauke da 10 IU, wato awon ƙarfin maganin, ita ce ƙa'ida, kuma idan an yi ta a tsoka, cikin minti 3 zuwa 7 ya kamata mahaifa ta fara ɗaurewa. Gaskiya ne akwai mahaifar da ke ƙin ɗaurewa ko da maganin mai kyau ne. Amma idan kullum sai an ninka, to a daina zargin jikin mata, a tuhumi kwalbar.

Abin da ke cikin kwalbar nan ɗan mitsitsi ne. Ruwan mililita ɗaya ne, maganin da ke narke a cikinsa kuwa bai kai maikirogiram 17 ba. Dangin furotin ne, kuma zafi yana warware shi sannu a hankali. A masana'anta, wadda galibi a Indiya ko Sin take, ana narkar da hodarsa a ruwan allura, a daidaita tsamin ruwan, domin idan ya kauce wa iyakar da aka gindaya lalacewa tana sauri, sannan a tace ta matata mai kama ƙwayoyin cuta, a ɗura a kwalabe a liƙe bakinsu da wuta. Ƙa'idar gwaji ita ce a sami kashi 90 zuwa 110 cikin ɗari na abin da aka rubuta a jiki. Nan ne asarar farko take faruwa. Kamfanin da ke neman arha zai iya fitar da kaya a kashi 93, ya ci gwaji a ranar, amma bai bar wa maganin guzurin tafiya ba.

Me ya sa na ce guzuri? Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a 1993 ya nuna oksitosin da aka ajiye a firji shekara guda bai rasa wani abin kirki ba, wanda aka ajiye a digiri 30 kuwa ya rasa kusan kashi 14. Mu yi lissafin kasuwa: kashi ɗaya da ɗoriya ke nan duk wata. Kwalbar da ta baro masana'anta da ƙarfinta cif za ta faɗo ƙasa da 90 cikin wata takwas ko tara. Wadda ta fito da 93, wata uku sun ishe ta. A digiri 30 fa ake magana. Wanda ya taɓa shiga shago mai rufin kwano a Kano ko Sakkwato cikin watan Afrilu, lokacin da inuwa kanta take haura 40, ya san 30 rahama ce. Asarar kuma tarawa take yi. Abin da zafi ya ci ya ci, mayar da kwali cikin firji ba ya dawo da shi.

To bi hanyar ka gani. Kaya ya sauka a Apapa ko filin jirgin sama na Legas, ya zauna jiran takardun kwastan. Idan a kwantena mai sanyi aka ɗauko shi, sai an jona ta da wuta, kuma kuɗi ne. Daga nan mota ta ɗauke shi tafiyar kilomita dubu zuwa Arewa, sau da yawa a haɗe da farasitamol da ruwan ƙarin jiki, ƙarƙashin tamfol. Kwana biyu ko uku a hanya ba su ne ke kashe shi ba, domin maganin yana jure ɗan gajeren zafi. Zaman da yake yi ne matsalar: watanni a sito na babban dila, makonni a kantar ƙaramin dila, sannan aljihun tebur na ɗakin haihuwa, inda ake ajiye shi kusa da hannu saboda firjin yana can ofishin da ake kullewa da dare.

Kuma kwalbar ba ta tona asiri. Ruwan yana nan garau, ranar ƙarewar aiki da saura shekara, lambar NAFDAC tana nan. Mutane suna mantawa cewa ranar ƙarewar aiki alkawari ne mai sharaɗi: zai kai wannan rana in an ajiye shi yadda aka rubuta. Lambar rajista kuma shaida ce cewa hukuma ta amince da samfurin, ba ta bin kwali zuwa sito. Da aka tattara samfura daga asibitoci da shagunan magani a sassan Najeriya a 2016 aka gwada, kusan uku cikin huɗu na oksitosin sun faɗi gwajin ƙarfi. Wani abin da ke ƙara rikita ma'aikata shi ne wasu kamfanoni suna rubuta cewa a ajiye ƙasa da digiri 25. A ƙasarmu, ɗaki nawa ne ke zama ƙasa da 25 ba tare da na'urar sanyaya ɗaki ba? Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce digiri 2 zuwa 8, ko me aka rubuta a kwali.

Ra'ayina shi ne mun fi mayar da hankali kan jabun magani, saboda shi ne ake ƙonawa a gaban 'yan jarida, alhali maganin gaske da ya mutu a hanya yana shiga jikin mata kowace rana. Mayar da dilolin magani na Sabon Garin Kano zuwa cibiyar Dangwauro a 2024 ya sauƙaƙa sa ido, amma sabon gini ba ya sanyaya kwali. Mai karɓar kaya a asibiti shi ne mai gadin ƙofa. Ya taɓa kwalin lokacin da aka kawo: a akwatin sanyi ya zo ko a ledar ɗan acaɓa? Akwai na'urar da ta rubuta zafin da kayan ya sha a hanya? Ya rubuta lambar rukunin da aka buga a jiki, domin ranar da ungozomomi suka fara cewa wannan ba ya kamawa, a san wanda za a janye a kai rahoto. Firji kuma a sa masa ma'auni, a duba safe da yamma.

Ƙaramin asibitin da ba shi da firji sai na rigakafin yara, tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ce a iya ajiye oksitosin a ciki, muddin an ware shi da alama bayyananniya kada a ɗauka rigakafi ne. Har yau akwai masu riƙe da mabuɗin firjin da ke hanawa. Inda babu sanyi ko kaɗan, akwai kabetosin, ɗan'uwan oksitosin mai jure zafi, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2018 domin rigakafi kawai, ba domin tsayar da jinin da ya riga ya ɓalle ba. Akwai kuma ƙwayar misofurostol, maikirogiram 600 a sha domin rigakafi. Ita ma tana da nata makashin, wato danshi. Shi ya sa ake so a sayi wadda aka rufe da dalma sama da ƙasa, kuma kada a yarda da katin da almakashin mai shago ya huda gidan ƙwaya lokacin da yake yanko guda uku.