Shawarar da malami zai iya aiki da ita ran Litinin

A makarantar sakandaren da nake koyarwa a Birtaniya, ɗalibin da ya rufe rahoton gwajinsa da cewa a nemo kayan aiki mafi inganci ba ya samun maki, domin abin da ake nema shi ne ya faɗi inda kuskuren awo ya shigo da yadda za a rage shi. A gida kuwa, wannan jimlar ita ce muke ji daga bakin masu duba makarantu da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, kuma a ganina ba ta tsinana wa malamin da ke da ɗalibai sittin da agogon awo huɗu komai ba.

Mu ɗauki gwajin lilo, wato zare da aka rataya wa ƙarfe, wanda ake auna ƙarfin jan ƙasa, g, da shi ta hanyar g = 4π²L/T², inda L ke nufin tsawon lilon, T kuma lokacin zuwa da dawowa ɗaya. Lilo mai tsawon mita 1 yana ɗaukar kusan sakan 2 kafin ya je ya dawo, shi kuma yatsan ɗalibi yana iya yin jinkiri ko gaggawar kusan sakan 0.2 wajen danna agogo. Idan zuwa da dawowa ɗaya aka auna, kuskuren ya kai kashi 10 cikin 100, kuma tun da ana ninka T da kansa, amsar da ya kamata ta fito 9.8 tana iya faɗawa ko'ina tsakanin 8 da 12. A nan Birtaniya akwai na'urar haske mai auna lokaci da kanta, amma malamin Gumel ko Maraɗi ba sai ya jira ta ba. Ya sa yara su ƙirga zuwa da dawowa 20, wato kusan sakan 40, su raba da 20, sai kuskuren g ya sauko zuwa kusan kashi 1 cikin 100, ko da agogon wayar malam aka yi aikin. A kashe fanka, kada a ja lilon ya wuce digiri 10, a kuma fara ƙirga daga sifili daidai lokacin da ya gifta alamar alli da aka yi a tsakiya.

Tsawon ma yana da nasa tarkon, domin yara sukan tsayar da rula a inda zare ya ƙare maimakon tsakiyar ƙarfen da aka rataya, ko da noti ne daga wurin makaniki. Ratar santimita 1 ba ta da yawa a zare mai mita 1, amma a mai santimita 20 ta kai kashi 5 cikin 100. Malami zai gane haka idan aka zana T² a kan L, ya ga layin ya miƙe amma ya kauce wa sifili.

Ban ce kada a nemi kuɗi ba. Amma takardar da ta ce ana buƙatar ƙarin agogo shida domin rukuni ya ragu daga yara 15 zuwa 6 ta fi sauƙin shiga kunnen ƙungiyar iyaye da malamai, kuma kafin su iso, rukunai huɗu za su iya ɗaukar tsawo daban-daban su haɗa sakamakonsu a kan allo.