Mutum nawa, kuɗi nawa, wa ya yanke hukunci: nasiha ga manajojinmu masu neman babban muƙami

'Yan'uwa da muka kai shekara goma ko sha biyar muna aiki, muka fara hangen kujerar darakta ko ta babban manaja, akwai wani ciwo da ke cikin takardunmu na tarihin aiki da shafukanmu na LinkedIn. Za ka ga mutum ya riƙe masana'anta guda, amma abin da ya rubuta shi ne: "Gogaggen manaja, mai himma, na jagoranci ma'aikata da dama, na kula da kasafin kuɗi, na taimaka wajen ci gaban kamfani." Mai karatu ya gama bai san ko shago mai yara uku ka riƙe ba ko kamfani mai mutum ɗari uku. Shi kuma ba zai kira ka ya tambaya ba, takarda ta gaba zai ɗauka.

Sunan muƙami ba ya cika wannan giɓin. Manajan reshe a banki, manajan otal, manajan gidan mai da manajan shiri a ƙungiyar agaji a Maiduguri duk manaja ake kiransu, alhali nauyin da ke kansu bai yi kama ba. Kwamitin da ke ɗaukar babban ma'aikaci tambaya ɗaya yake yi a ransa: wannan mutumin ya taɓa ɗaukar kaya mai nauyin wanda za mu ɗora masa? Ana gane haka ne daga yawan mutanen da ke ƙarƙashinka, da kuɗin da ke wuyanka, da hukuncin da kai ne ƙarshen mai yanke shi.

Na san abin da ke hana mu. An raine mu a kan cewa yabon kai jahilci ne. Gaskiya ne, amma ku duba da kyau: "haziƙi", "gogagge", "mai hangen nesa", waɗannan su ne yabon kai, kuma su muke cika takarda da su. Cewa mutum 84 ne a ƙarƙashinka labari ne kawai, wanda za a iya bincika a tabbatar ko a ƙaryata. Annabi Yusuf (AS), a aya ta 55 ta surarsa, da kansa ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya kuma faɗi dalili: shi mai tsarewa ne, masani. Kunyar da za ta sa a bai wa wanda bai kai ka ba amanar jama'a ba ta da lada.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce manajan ayyuka ne a wani kamfanin casar shinkafa a Kano, ya yi shekara huɗu a kujerar, daga 2019 zuwa 2022.

Idan ka tambaye shi mutum nawa ya jagoranta, zai iya ce maka 240, kuma bai yi ƙarya tsagwaronta ba, domin lokacin kaka harabar kamfanin takan ɗauki kusan haka. Amma idan aka warware, mutum 6 ne suke kawo masa rahoto kai tsaye: shugaban injiniyoyi, mai kula da sito, mai duba ingancin kaya, mai kula da sufuri da shugabannin aikin kwana da na yini. A ƙarƙashin waɗannan shidan akwai ma'aikatan dindindin 78, jimla 84 ke nan. Sauran kusan 150 leburori ne da ɗan kwangila yake kawowa na 'yan watanni, ɗan kwangilar ne yake biyansu, shi yake sallamarsu. To abin da ya kamata ya rubuta shi ne: ma'aikata 84, shida daga ciki shugabannin sassa ne da ke ƙarƙashinsa kai tsaye, tare da leburorin kwangila kimanin 150 lokacin kaka.

Wani zai ce ai 240 ya fi burgewa. Ga wanda bai san aiki ba, ƙwarai. Wanda ya sani kuwa, lambar 6 ita zai fi kallo, saboda ita ce ke nuna masa cewa wannan mutumin shugabannin wasu yake shugabanta. Riƙe mutum ashirin da kai kake raba musu aiki kowace safiya sana'a ce daban da riƙe manajoji shida da kowannensu yake da jama'arsa da girman kansa da lissafinsa. Kujerar darakta irin ta biyun take buƙata. Idan ka dunƙule komai ka ce 240, ka ɓoye ainihin abin da ake nema a wurinka, sannan ka buɗe wa kanka ƙofar tambaya a ranar ganawa: "Su waye kake cika wa takardar auna ƙwazo a ƙarshen shekara? Wa za ka iya ɗauka, wa za ka iya kora?" Da zarar amsarka ta yi nesa da abin da ka rubuta, duk sauran lambobinka sun zama abin zargi.

Maganar kuɗi ita ce inda aka fi zamewa, wasu da gangan, mafi yawa da rashin lura. A kamfanin misalinmu, a ce ana sayen shanshera ta naira biliyan 4 a shekara. Buhunan ta hannun manajanmu suke bi, shi yake karɓa a sito, shi yake sa hannu cewa sun iso. Amma mai kamfani ne da wakilansa a Hadeja da Kura suke tsayar da farashi, su suke cewa a saya ko a dakata. Kasafin da ke wuyan manajan shi ne na tafiyar da masana'anta: man dizal, albashi, kayan gyara, buhuna, sufuri, naira miliyan 900 a shekara. Shi yake tsara shi, shi yake kare shi gaban hukumar gudanarwa, kuma idan aka wuce iyaka shi za a kira. A cikin wannan ma, abin da zai iya amincewa da shi shi kaɗai ba ya wuce miliyan 15 a lokaci guda. Abin da ya haura haka sai da sa hannun babban manaja.

Kuɗi uku ke nan: wanda ya ratsa ta gabanka, wanda za a tuhume ka a kansa, da wanda za ka iya kashewa ba tare da ka tambayi kowa ba. Kamar direban tirela ne da ya ɗauko kayan miliyan ɗari. Amana ce babba, amma ba za ka kira shi attajiri ba. Rubuta na biyun a matsayin kasafinka. Na ukun ka faɗe shi idan yana da kauri, domin iyakar sa hannu ita ce ma'aunin yadda kamfani ya yarda da kai. Na farkon kana iya ambatonsa da sunansa na gaskiya, ka ce ka kula da karɓa da adana kayan biliyan 4, kar ka ce ka gudanar da kasafin biliyan 4.

Sannan don Allah ku riƙa sa shekara kusa da kuɗin. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a 2024 kuwa ta haura 1,500. Miliyan 900 a ƙarshen 2022 kusan dala miliyan 2 ne; miliyan 900 ɗin nan a 2024 dala dubu 600 ne kawai. Wanda ya riƙe kasafinsa kafin faɗuwar naira ya rubuta shi babu shekara, ya rage wa kansa girma da sama da kashi biyu cikin uku. Idan ƙungiyar ƙasa da ƙasa ko kamfanin waje kake nema, sa kwatankwacinsa a dala da farashin wancan lokacin, ba na yau ba. Idan kuma kamfaninku bai yarda a fitar da lissafinsa ba, kada ka tona asirin mai gidanka a LinkedIn. Ka ce "sama da miliyan 800", ko ka bar cikakkiyar lamba sai a takardar da kwamiti kaɗai zai gani.

Saura hukunci, wanda ba shi da lamba, shi ya sa aka fi yi masa kwalliya. Manajanmu ya yi manyan abubuwa uku. Ya mayar da aiki daga zubi biyu zuwa uku a rana lokacin kaka. Ya soke yarjejeniya da wani mai motocin dako da ke yawan makara, ya raba aikin ga mutum biyu. Sannan kamfanin ya sayi tukunyar tururi mai ƙona buntun shinkafa don rage shan dizal. Biyun farko nasa ne, babu wanda ya sa hannu a bayansa, kuma da sun lalace shi zai sha. Na ukun shi ya kawo shawara, ya haɗa lissafi, ya bi aikin har aka kafa, amma hukumar gudanarwa ce ta amince da kuɗin. Don haka ya rubuta "na yanke" a biyun farko, ya rubuta "na tsara, na gabatar, hukuma ta amince, na aiwatar" a na ukun. Wannan bai rage masa komai ba. Iya shawo kan hukumar gudanarwa ta fitar da kuɗi shi kansa aikin darakta ne.

Gwajin da nake ba ku shi ne: da abin ya ɓaci, sunan wa za a kira? Idan naka ne, hukuncinka ne. Idan na wani ne, shawara ka bayar.

Ma'aikatan gwamnati su ƙara kiyayewa a nan. A ƙarƙashin dokar sayen kayan gwamnatin tarayya ta 2007, babban sakatare ne ke ɗauke da alhakin kuɗin ma'aikata, manyan kwangiloli kuma kwamitin tanda ne yake amincewa da su. Mataimakin darakta da ya rubuta "na bayar da kwangilar biliyan 2", duk wanda ya san tsarin zai gane ko dai bai san iyakarsa ba ko yana ƙari. Faɗi kujerar da ka zauna: ka shugabanci kwamitin tantance masu neman kwangila ne, ko mamba kake, ko kai ka sa ido a kan aikin bayan an bayar.

Idan aka haɗa, bayanin manajanmu zai zama kamar haka: "Manajan ayyuka a kamfanin casar shinkafa a Kano, 2019 zuwa 2022. Ina ƙarƙashin babban manaja kai tsaye. Na shugabanci ma'aikata 84 ta hannun shugabannin sassa 6, da leburorin kwangila kimanin 150 lokacin kaka. Na tsara kuma na riƙe kasafin gudanarwa na naira miliyan 900 a 2022. Na yanke shawarar komawa zubi uku da sauya masu dako. Na gabatar da shirin tukunyar tururi mai amfani da buntu, hukuma ta amince, na aiwatar." Ku lura an ƙara wanda yake sama da shi, domin zama ƙarƙashin babban manaja kai tsaye yana nuna matakinsa a kamfanin. Idan yana da sakamakon da ya tabbatar, kamar yawan dizal ɗin da aka rage, ya sa shi a gefen hukuncin da ya haifar da shi.

Sashen About na LinkedIn yana ɗaukar haruffa 2,600, amma layukan farko kaɗai ake gani kafin mai karatu ya danna don ganin saura, saboda haka waɗannan lambobin su zo a sama, tarihin makarantu ya biyo baya. Kafin ka saka, karanta wa tsohon shugabanka da ka ba da sunansa a matsayin mai tsaya maka, domin shi za a kira a tambaya. Duk lambar da ya yi jim a kanta, gyara ta tun yanzu.