Dawo da layi ba ya dawo da lambobin Authenticator

Wanda wayarsa ta ɓata, abin da ya fara yi shi ne rugawa ofishin kamfanin layi da NIN a yi masa walkam bak. Daidai ne, a yi. Amma lambobin nan guda 6 na manhajar Google Authenticator, waɗanda ake nema bayan kalmar sirri wajen shiga asusu irin Gmail, masu sauyawa duk daƙiƙa 30, ba ta layi suke zuwa ba. Ranar da aka haska hoton QR don haɗa manhajar da asusun, wani mabuɗin sirri ya zauna cikin wayar, shi manhajar ke haɗawa da agogo ta fitar da lamba. Sim bai san da zamansa ba.

A ganina babbar kadarar mai wannan matsala ita ce duk wata na'ura da Gmail ɗinsa yake buɗe a kai har yanzu, kwamfutar ofis ce ko tsohuwar waya da ke cikin durowa. Kada ka fita daga asusun a kanta, kada ka goge tarihin burauza. Shiga Security a saitin asusunka na Google, sai 2-Step Verification, ka haɗa Authenticator na sabuwar waya, ka ciro Backup codes, wato lambobin ko-ta-kwana. Guda 10 ne, kowace mai lamba 8, kuma sau ɗaya kowace take aiki. Sannan ka je Your devices ka fitar da wayar da ta ɓata. Wani lokaci Google zai sake neman shaida kafin ya bari a taɓa wurin nan. A nan ne layin da ka dawo da shi zai yi rana, in dama ka saka lambar layin a asusun.

In babu irin wannan na'ura, rubuta kalmar sirri a shafin shiga, da ya nemi lamba ka danna Try another way. Zai jero maka hanyoyin da ka tanada tun farko, su kaɗai. In duk babu, sai g.co/recover, kuma Google da kansa ya ce hakan kan ɗauki ranakun aiki 3 zuwa 5. Yi shi a wurin da ka saba shiga, da burauzar da ka saba. Masu zuwa kafe ko wajen mai gyaran waya su kan ɓata lamarin, domin baƙuwar na'ura a baƙon wuri kamannin ɓarawo ke nan a idon Google. Duk wanda ya ce ka biya ya buɗe maka kuwa, kuɗinka yake so.

Tun 2023 Authenticator na iya ajiye lambobinsa a asusun Google, mutane suka saki jiki. To, in asusun ne da kansa ya kulle, ka rufe ɗaki da mabuɗi a ciki. Sai ka fara buɗe Gmail kafin lambobin Facebook da sauransu su dawo. In sun dawo ana cewa ba daidai ba ne, duba agogon sabuwar wayar, ka mayar da shi kan saitin da yake gyara kansa.